In Mahaifiya Ta Ce A Ɓoye Gadon: Ina Biyayya Take Tsayawa?



'Yan uwa, kusan duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san cewa ba a musu da iyaye. Mun ji shi a makarantar allo, mun ji shi a bakin kakanninmu, kuma gaskiya ne. A Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24, Allah Ya haɗa kyautata wa iyaye da bauta Masa, Ya hana ko ɗan tsakin nan na ƙosawa, Ya hana yi musu tsawa, Ya yi umarni da magana mai daraja da ƙasƙantar da kai gare su. Mu da muke zaune a nan Kudu, nesa da gida, mun fi kowa jin nauyin wannan, don da yawanmu a shekara sau ɗaya ko sau biyu muke ganin tsofaffinmu, sauran duk ta waya ne da aiken kuɗi.

To amma akwai ranar da uwa ko uba zai nemi abin da Allah Ya hana. Ba kullum ba ne, kuma ba a kowane gida ba, amma yana faruwa, kuma in ya faru mutumin kirki ne ya fi shan wahala, don shi ne yake tsoron fushin mahaifiya da gaske. Wannan ranar muke so mu duba a wannan Juma'ar.

Alƙur'ani bai bar mu cikin duhu ba. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, Allah Ya yarda da shi, yana cikin waɗanda suka musulunta da wuri a Makka. Imam Muslim ya ruwaito cewa mahaifiyarsa ta rantse ba za ta ƙara yi masa magana ba, ba za ta ci ba, ba za ta sha ba, sai ya bar addinin. Ta ma kafa masa hujja da addinin nasa, cewa ai shi yake faɗin Allah Ya yi wasiyya da iyaye, to ga ta nan uwarsa ce, kuma abin da take umartarsa ke nan. Ta yi kwana uku a haka har ta suma, sai da wani ɗanta mai suna Umara ya ba ta ruwa, ta farfaɗo tana yi wa Sa'adu mugun baki. A kan wannan ne hukuncin ya sauka, wanda muke karantawa a Suratul Ankabut aya ta 8 da Suratu Luƙman aya ta 15. Ma'anarsa a taƙaice: in sun matsa maka ka yi shirka, kada ka bi su. Amma ayar ta Luƙman ba ta tsaya nan ba, a cikinta kuma aka ce a zauna da su a duniya da kyautatawa.

A lura da wannan da kyau, don a nan maganar take. Abu biyu ne muke haɗawa mu kira su da suna ɗaya: kyautatawa da biyayya. Biyayya tana da iyaka. Kyautatawa ba ta da ita. Uwar da ake maganarta a ayar nan ba ƙaramin abu ta nema ba, shirka ta nema, laifin da ya fi kowane laifi, amma duk da haka ba a ce wa ɗanta ya yanke ta ba. An cire abu ɗaya tak, wato aikin da ta umarta, an bar sauran haƙƙinta yadda yake. Haka Asma'u 'yar Abubakar, da mahaifiyarta ta zo mata Madina tana mushrika tana neman taimako, ta tambayi Annabi (SAW), ya ce ta sada zumunci da ita. Kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda da yawanmu muka karanta a zaure, ta faɗi abu biyun a wuri ɗaya: kyautata wa iyaye farilla ne ko da fasiƙai ne ko mushrikai, kuma ba a bin su a kan saɓo.

Sai dai mu faɗi gaskiya, wa cikinmu mahaifiyarsa za ta ce ya bar Musulunci? Iyayenmu masu salla ne, masu azumi, wasu sun fi mu tsoron Allah nesa ba kusa ba. Inda muke gamuwa da wannan mas'ala shi ne wurin haƙƙin mutane, musamman dukiya. Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Misali ne kawai, ba labarin wani gida muke bayarwa ba, kodayake duk wanda ya daɗe a Sabo ya ga makamancinsa.

A ce wani Alhaji yana sayar da wake da albasa a nan Kudu shekara da shekaru, iyalinsa suna gida Arewa. Matansa biyu. Uwargida tana da ɗa namiji ɗaya da mace ɗaya. Amarya tana da namiji ɗaya da mata biyu, dukansu ƙanana, ba wanda ya balaga. Ɗan uwargidan ne babba, shi ne yake zaune a rumfa tare da mahaifinsa, ya san abin da ke cikin sito, ya san littafin bashi, ya san kuɗin da ke banki. Alhaji ya rasu, iyayensa sun riga shi. Gidan da ke Arewa kowa ya san da shi, ba a iya ɓoye gida. Amma dukiyar da ke nan Kudu, babu wanda ya san yawanta sai wannan ɗan. Wannan shi ne abin da ya sa jarrabawar ta fi kama mu 'yan ci-rani da mazauna Kudu: tsakanin dukiyar da masu gadonta akwai tafiyar kwana a mota, kuma shaidar mutum ɗaya ce ta haɗa su.

Ya yi lissafi. Bayan an cire kuɗin jana'iza an biya basussukan da ake bin mamacin, kuma bai bar wasiyya ba, abin da ya rage na kasuwa ya kai naira miliyan 16. A rabon da Suratun Nisa'i ta shimfiɗa a aya ta 11 da ta 12, matan biyu suna tarayya a tumuni, wato ɗaya bisa takwas, tun da akwai 'ya'ya. Miliyan 2 ke nan, kowace ta ɗauki miliyan 1. Saura miliyan 14 na 'ya'ya, namiji yana da rabon mata biyu. Maza biyu da mata uku, kaso bakwai ke nan, kowane kaso miliyan 2. Kowane namiji miliyan 4, kowace mace miliyan 2. In aka tara, ɗakin uwargida yana da miliyan 7, ɗakin amarya yana da miliyan 9.

Sai uwargida ta kira ɗanta a waya da daddare. Ta ce ita ta sha wahala da ubansa tun ba shi da ko buhu ɗaya, yarinyar nan jiya jiya ta shigo, yanzu kuma ɗakinta ne zai fi samu? Ta ce in an zo rabo ya ce miliyan 8 ya samu, sauran ya riƙe. Da ya yi shiru, sai ta ƙara da kalmar da kowane ɗa yake tsoro: in ya ƙi, ba ta yafe masa nonon da ya sha ba.

Me aka nema daga gare shi a zahiri? In ya faɗi rabi ya ɓoye rabi, ɗakin amarya zai tashi da miliyan 4 da rabi maimakon 9. Daga cikin abin da aka danne, miliyan 4 na yara ƙanana ne waɗanda ubansu ya mutu, wato marayu, kuma aya ta 10 a wannan surar ta kwatanta cin dukiyar maraya da zalunci da cusa wuta a ciki. Sannan akwai ƙarya a gaban masu rabo, ga cin amanar da aka bar masa. Aya ta 135 ta ambaci wannan wurin da sunansa, inda ta umarci muminai su tsayar da adalci su ba da shaida don Allah ko da a kan kansu ne ko iyayensu ko danginsu. Saboda haka babu wani saɓanin malamai a nan da za a laɓe a bayansa. Wannan umarni ba a bin sa. Dalilin kuwa mai sauƙi ne. Uwa tana da iko ta nemi abin ɗanta, lokacinsa, kuɗinsa, ƙarfinsa, amma miliyan 4 da rabin nan ba nasa ba ne balle ya ba ta. Ba a yi wa uwa biyayya da aljihun wani.

Kuma shiru ma ba mafita ba ne. Wani zai ce, ni ba zan yi ƙarya ba, amma in ba a tambaye ni kuɗin banki ba, ba zan ambata ba. Wanda dukiyar take hannunsa amini ne, kuma yaro ɗan shekara shida ba zai san abin da zai tambaya ba.

Faɗin hukuncin shi ne ɓangare mai sauƙi. Abin da ya fi wuya shi ne yadda za a ƙi, kuma a nan muke ganin mutane suna faɗawa rami biyu. Wani sai ya ce "to, Inna" don ya kashe maganar, alhali ya san ba zai yi ba. Ranar rabo ta ji gaskiya a gaban kishiyarta, ta ji an yaudare ta, kuma lallai an yaudare ta. Wani kuma sai ya ɗauki wayar ya fara ja mata aya da ƙarfi kamar yana wa'azi a tasha, ya ce mata tana so ta kai shi wuta. Ya ƙi saɓo ɗaya ya faɗa wani, don tsawar da aka hana a Suratul Isra'i ba a ce an halatta ta ranar da uwa ta yi kuskure ba. Mu duba yadda Annabi Ibrahim (AS) ya yi da mahaifinsa a Suratu Maryam. Sau huɗu a jere yana kiransa da kiran ƙauna na ɗa ga uba, kuma da uban ya yi barazanar jifansa ya kore shi, sai ya amsa da sallama da alƙawarin nema masa gafara. Bai bi shi ba ko taki ɗaya, kuma bai ɗaga masa murya ba.

A ganinmu, abu na farko da ɗan nan zai yi ba magana ba ce, rubutu ne. Kafin ya bar Kudu, ya kira dattawa biyu na kasuwa waɗanda suka san mahaifinsa, a ƙirga buhunan da ke sito, a rubuta wanda ake bi da wanda ke bi, a ciro bayanin kuɗin banki, a rubuta ko rumfar mallaka ce ko haya ce da watannin da suka rage a ciki, su sa hannu. Wannan yana kare marayun, yana kare shi daga zargi, kuma yana kare shi daga zuciyarsa, don mutum yakan yi ƙarfi yau gobe kukan uwa ya karya shi. In takarda ta riga ta shiga hannun shaidu, ƙofar ɓoyewa ta rufu.

Na biyu, ya je da ƙafarsa. Irin wannan magana ba ta waya ba ce. Ya zauna ƙasa a ɗakinta, su biyu, ya saurare ta har ta gama. Kuma ya saurara da kunnen mai neman gaskiya, don sau da yawa a ƙarƙashin umarnin da ba daidai ba akwai haƙƙi na gaske da aka binne. Ta ce ta sha wahala da ubansa. To, wahalar zama ce, ko kuwa akwai kuɗinta a jarin? Matanmu da yawa sun sayar da tumakinsu ko zinarensu, ko sun kwashi adashi sun ba miji ya ƙara a kasuwa, ba a rubuta ba. In haka ne, wannan ba gado ba ne. In rance ta ba shi, bashi ne da ake cirewa kafin a raba komai. In kuwa tarayya suka yi, nata kason daban yake tun asali. A ce ta ba shi miliyan 2 rance kuma akwai shaidu, ko magadan da suka balaga sun tabbatar kuma alƙali ya karɓi hujjar, to sai a fara biyan ta wannan, a raba miliyan 14 da suka rage, ta kuma karɓi rabonta na tumuni a ciki. Wannan ɗan zai iya tsaya mata a kansa da dukan ƙarfinsa, a fili, a gaban malamin da zai yi rabon ko a kotun shari'a a gida. Abin da ba zai yi ba shi ne ya yanke mata hukunci shi kaɗai a ɓoye, ya zama shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali.

In kuma babu irin wannan, zafin kishi ne da tsoron tsufa cikin rashi, to tsoron nan ma abin dubawa ne. Yana da miliyan 4 nasa na halal. Zai iya ce mata: "Inna, abin yaran nan ba zan iya taɓawa ba, don ba nawa ba ne, kuma ba na so a tambaye ki a kansa gobe. Amma nawa naki ne, ki ɗauki abin da kike so. Kuma muddin ina da rai ba za ki nemi abinci ko magani ki rasa ba." Wannan ba dabarar lallashi ba ce kawai, don ciyar da iyaye mabuƙata wajibi ne a kan ɗan da yake da hali. In ya ga maganarsa ba ta shiga, ya nemi wanda take jin nauyinsa, yayanta ko malamin da take girmamawa, ya yi mata magana. Kuma ya rufa mata asiri. Ba dole ba ne amarya da danginta su taɓa sanin abin da aka nema a wancan daren. Gaskiyar dukiyar ake bin sa ya faɗa, ba sirrin mahaifiyarsa ba.

Saura maganar baki, wadda ita ce take hana mutane barci. Ba mu ɗauki bakin uwa da wasa ba, kuma kada kowa ya ɗauka. Labarin Juraiju mai ibada yana cikin Bukhari da Muslim: mahaifiyarsa ta kira shi yana sallar nafila, ya zaɓi sallar, ta yi masa addu'a kuma ta kama shi. Amma a duba abin da ya faru. Abin da ta nema halal ne, amsa kira, shi kuwa ya fifita nafila a kan haƙƙinta. Wanda ake roƙo a addu'a Shi ne dai Wanda Ya hana cin dukiyar maraya, kuma ya tabbata a hadisin Muslim cewa ana amsa wa bawa matuƙar bai roƙi abin da yake zunubi ko yanke zumunci ba. Mahaifiyar Sa'adu ta yi masa baki, Sa'adu kuwa ya rayu ya zama cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna. In kuma rantsuwa ta yi, cewa wallahi ba za ta ƙara cin abin hannunsa ba, to rantsuwa tana da kaffara kamar yadda ya zo a Suratul Ma'ida aya ta 89: ciyar da miskinai goma ko tufatar da su ko 'yanta bawa, wanda bai samu ba ya yi azumin kwana uku. Kaffarar tana kan wanda ya rantse, amma ba abin da ya hana ɗan ya ba ta abin da za ta fitar da ita.

Kada kuma mu yi wa kanmu alƙawarin cewa za ta huce a mako guda. Tana iya daina ɗaukar wayarsa wata shida. Tana iya mayar da aiken da ya yi. A nan ne kyautatawar da ba ta da iyaka take nuna kanta: ya ci gaba da kira ko ba a ɗauka ba, ya ci gaba da aike ta hannun ƙanwarsa, ya je gaisuwar Salla ya durƙusa ko za ta juya masa baya. Ƙin da ya yi na abu ɗaya ne, ranar rabo ya ƙare.

Akwai gargaɗi guda da ya zama dole mu yi, musamman ga samarinmu, don wannan ƙa'ida ta cewa ba a biyayya ga abin halitta a saɓa wa Mahalicci wuƙa ce mai kaifi, kuma muna ganin ana yanka abin da ba a ce a yanka ba da ita. Misalin da muka kawo haramun ne ƙarara, wanda malamai ba su yi saɓani a kansa ba, kuma akwai wanda za a zalunta. Wannan daban yake da uba ya ce ka dawo gida ka yi noma bana, ko uwa ta ce kada ka bi motar dare, ko su ce ka bar azumin nafila don sun ga ka rame. Waɗannan ba saɓo ba ne, abin da ranka bai so ba ne kawai, kuma a irinsu ne ake gane mai biyayya. Wani mutum ya zo wa Annabi (SAW) yana neman izinin fita jihadi, da ya ji iyayensa suna raye sai ya mayar da shi gare su. In an mayar da mai neman jihadi, ina ga mai neman ƙarin ciniki? Haka nan mas'alar da malamai suka yi saɓani a kanta, yaro ya yi karatun wata uku ya dawo yana kallon mahaifinsa kamar wanda bai san Allah ba, wannan ba ya cikin abin da ayar Luƙman take magana a kai.

Akwai kuma wani yanki a tsakiya, inda umarnin ba saɓo ba ne a kan kansa amma yana taɓa haƙƙin wani ko yana jawo cuta, kamar a ce wa ɗa ya saki matarsa ba da wani laifi ba. Masu cewa dole ya saka sukan kawo labarin Sayyadina Umar da ya umarci ɗansa Abdullahi da sakin matarsa, Annabi (SAW) kuma ya ce ya bi shi. An ruwaito cewa wani ya kawo wa Imam Ahmad ɗan Hambali wannan hujjar a kan nasa uban, sai Imam ya nuna masa cewa sai in ubansa ya zama kamar Umar. Wato Umar ba ya umarni don son zuciya. Irin wannan yanki ba a yanke shi da zafin kai ko da tsoro, malami ake kai wa, a faɗa masa labarin duka, har da ɓangaren da bai yi wa mai tambayar daɗi ba.

Mu koma kan miliyan 16 ɗin nan, don akwai abin da ya rage bayan rabo. Kason yaran uku, miliyan 8, ba a miƙa wa yara, kuma ba ya zama a hannun yayansu haka kawai don shi ne a rumfa. Yana zama a hannun wanda mahaifinsu ya yi wa wasiyya da su, in babu, sai wanda alƙali ya naɗa. In an ga maslahar a bar kuɗin a cikin kasuwar wake don kada su zauna zakka da tsadar kaya su cinye su, to a rubuta yawan jarinsu, a rubuta yadda za a raba riba, a sa ranar da za a riƙa yin lissafi duk shekara a gaban shaidun nan biyu, har ranar da kowannensu ya balaga aka ga hankalinsa, a ba shi nasa a gaban shaidu kamar yadda aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta yi umarni.